Kasuwar Aji: Yadda Za Ki Koya wa 'Yan Rabin Aji Ƙirga, Magana da Zaman Tare ta Hanyar Wasa

A yawancin azuzuwan rabin aji, abin da ake kira darasin lissafi waƙa ce. Malama tana nuna allo da tsumagiya, yara suna rerawa daga ɗaya har ɗari, murya har bakin titi. Iyaye su ji daɗi, shugaban makaranta ya gyaɗa kai. Amma ki kira yaro ɗaya daga cikin masu rerawar nan, ki zube masa duwatsu a gaba ki ce ya ba ki biyar, sau da yawa sai ya cika hannu ya miƙo miki. Ya haddace sunayen lambobi, bai san abin da suke nufi ba.

Manufar Ilimi ta Ƙasa a Najeriya ta daɗe da cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, ta kuma ce malami 1 ga yara 25. Bugun 2013 ya sa shekara guda ta share fage kafin shiga aji 1 na firamare. Abin da takarda ba ta faɗa ba shi ne yadda za a yi idan yaran sun kai 60, ba kayan wasa, ba mataimakiya. Irin wannan ajin ne na sa a gaba, na yara 'yan shekara 4 zuwa 5. Da malama nake magana saboda mata ne suka fi riƙe azuzuwan nan, amma malami namiji ma haka zai bi. Inda za mu dosa wasa ɗaya ne, wato kasuwa a cikin aji, domin ita ce ke haɗa ƙirga da magana da haƙurin jira a wuri guda. Sai dai ba a faɗa mata ranar farko, akwai makonni kamar 3 na shiri.

Mataki na farko: gano inda kowane yaro ya tsaya

Ki tanadi murafen robar lemo 10. Yayin da sauran yara ke zane a ƙasa ko cin abincin tara, ki riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya. Ki zube murafen ki ce, "Ba ni guda ɗaya." In ya ba ki daidai, ki mayar cikin tarin ki ce, "Ba ni biyu." Haka har inda zai kasa. Kada ki gyara masa, kada ki nuna a fuska cewa ya yi kuskure. Ki dai rubuta lambar ƙarshe da ya bayar daidai sau biyu a gaban sunansa a rajista. Minti 2 ya ishi yaro ɗaya, don haka yara 12 a rana za su gama miki aji cikin mako guda.

Za ki ga sun kasu. Akwai mai ba da ɗaya da biyu daidai, daga uku sai ya dumbuzo. Akwai mai kaiwa uku ko huɗu ta hanyar kallo kawai, ba tare da ya ƙirga ba. Akwai kuma wanda zai riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana ƙirgawa, ya tsaya cak a kan lambar da kika ce. Wannan na ƙarshen ya gane babban sirrin ƙirga, cewa lambar da aka faɗa a ƙarshe ita ce yawan kayan gaba ɗaya. Sauran ba su kai nan ba tukuna, kuma ba daƙiƙanci ba ne, haka kowane yaro ke bi: ya fara gane ɗaya, bayan watanni ya gane biyu, sannan uku, kafin ƙofar ta buɗe masa gaba ɗaya.

Akwai wata tambaya da ke tona asiri. Bayan yaro ya ƙirga murafe 4 daidai, ki rufe su da tafin hannu ki ce, "To, guda nawa ne?" Wanda ya gane zai ce huɗu. Wanda bai gane ba zai ɗaga hannunki ya sake ƙirgawa daga farko, ko ya faɗi wata lamba daban, domin a wurinsa "nawa ne" na nufin a sake yin waƙar.

Mataki na biyu: kaya da tsarin zama

Ba kya bukatar sayen komai. Ki roƙi mai shagon lemo ko masu tara robobi a unguwa su ajiye miki murafen roba, kamar 300. Na roba nake cewa, ba na kwalba ba, saboda na ƙarfe yana tsatsa kuma bakinsa na yanka. A wanke da sabulu a shanya. Sai karan dawa da aka yanka tsawon ɗan yatsa biyu, gwangwanayen madara 12 da aka daddaƙe bakinsu ya kwanta, kwalayen ashana da na sabulu waɗanda ba komai a ciki, faifai ko murfin kwano, da tsofaffin buhuna na shimfiɗa.

'Ya'yan tsamiya da ƙwallon dabino suna da daɗin ƙirga, amma ban so a ba 'yan shekara 4, domin suna cusa su a hanci da kunne, kuma cikin yara 60 ba za ki gani ba sai an fara kuka. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu kuwa kada su shigo aji ko kusa, guba ne in aka tauna. Idan yara kan zo da ƙannensu 'yan ƙasa da shekara 3, ki kula da murafen ma, suna iya maƙale musu a wuya.

Ki raba ajin gida 6, kowane gida yara 10, ki ba shi sunan dabba da buhunsa na zama. Ki cakuɗa su, kowane gida ya samu yara 2 ko 3 daga waɗanda suka iya ƙirga, domin su ne mataimakanki. Sannan ki koya musu alamar tsayawa guda ɗaya, misali ki buga gwangwani sau uku, kowa ya ɗora hannu a ka ya yi shiru. Ki mai da koyon alamar kanta wasa na kwana 2: su yi ta tsalle, ki buga, su daskare. Wadda ta tsallake wannan za ta ƙare da daka tsawa, daga nan sai tsumagiya, shi ke nan wasa ya mutu.

Mataki na uku: wasannin ƙirga, minti 15 a rana

Ki fara da "ciyar da 'yan tsaki". Yara biyu-biyu, a gabansu murafe 10. Ɗaya ya zana ƙananan da'ira a ƙasa da yatsa, su ne 'yan tsakin, ɗayan ya sa wa kowane murfi ɗaya, shi ne tsabarsa. Ba a barin ɗan tsako da yunwa, ba a ba wani biyu. Da farko ba ƙirga ma ake yi ba, haɗa ɗaya da ɗaya ake koyo. Bayan kwana 2 sai ki ƙara cewa mai ciyarwa ya faɗi lamba duk lokacin da ya ajiye murfi, in ya gama abokinsa ya tambaye shi, "Nawa suka ci?"

Abin da za ki sa wa ido a nan shi ne baki da hannu. Yaro da yawa bakinsa na gudu ya bar hannunsa a baya, ya ce "ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar" alhali murfi 3 ya taɓa. Maganinsa gwangwani. A ba shi ya riƙa jefa murfin ciki, ba zai faɗi lamba ta gaba ba sai ya ji ƙarar faɗuwar. Ƙarar ce ke ja masa birki. Wani kuma yakan ƙirga murfi ɗaya sau biyu in suna warwatse. Shi kuma a koya masa ya riƙa ture wanda ya ƙirga zuwa gefe.

Yawan murafen ya bi abin da kika rubuta a rajista. Yaron da ya tsaya a biyu, a ba shi 'yan tsaki 3, wanda ya tsaya a huɗu a ba shi 5 ko 6. In kin ɗora wa mai biyu goma, haddarsa zai koma.

A mako na biyu ki fitar da su fili. Ki zana gidaje irin na 'yar gala-gala a jere guda 5, a gida na farko ɗigo ɗaya, na biyu ɗigo biyu, har biyar, da lambar a rubuce kusa da ɗigon. Yaro ya jefa dutse, ya yi tsalle yana ƙirgawa har gidan da dutsen ya faɗa, sannan ya tafa sau adadin gidan. Kowane gida na yara 10 ya samu zanensa, in ba haka ba layi zai yi tsawo su fara dambe. Amfanin wannan shi ne jiki ya ji cewa biyar ta fi biyu nisa. Kuma tafi da tsalle ba abin da ake riƙewa a hannu ba ne, sai yaro ya gane ba duwatsu kaɗai ake ƙirgawa ba.

Kada ki yi gaggawar wuce goma. Yaron da ya riƙe ɗaya zuwa biyar da kyau, ya san uku da biyu su ne biyar, ya fi mai rera ɗari shirin shiga firamare. Ga 'yan kaɗan da suka yi nisa, ki ba su kara da zaren roba su riƙa ɗaure goma-goma: ɗauri ɗaya da kara 3 shi ne goma sha uku, ɗauri biyu ashirin.

Mataki na huɗu: buɗe baki

A aji mai yara 60, in malama ce kaɗai ake amsa wa, yaro zai iya yin mako bai furta jimla tasa ta kansa ba. Amshi tare ba magana ba ce. Don haka kowane wasan harshe ya ƙare da yaro yana magana da yaro.

Tatsuniya ce ta fi sauƙi. Ki buɗe yadda suka sani, "Ga ta nan ga ta nanku," su ce, "Ta zo mu ji ta." Ki zaɓi gajeriya ta Gizo da Ƙoƙi, ki faɗe ta ranar Litinin. Talata ki sake faɗar ta, amma ki riƙa tsayawa ki ce, "Sai me ya faru?" Kafin kowa ya ɗaga hannu, kowane yaro ya juya ya gaya wa na kusa da shi. Laraba ki yi kuskure da gangan, ki ce Gizo ya hau jirgi, su yi miki ca su gyara. Alhamis kowane gida ya kwaikwayi tatsuniyar, wannan Gizo, wannan Ƙoƙi, wannan kura. Maimaita tatsuniya ɗaya kwana 4 ya fi sabuwa kullum, domin sai an maimaita ji kalmomin ke komawa bakin yaro.

Sai jakar ɓoyo. Ki sa abu a cikin jakar zane, cokali ko soso ko lemon tsami. Yaro ya zura hannu ba tare da ya leƙa ba, ya faɗi yadda ya ji, sauran su canka. Da farko zai ce "abu ne". Ki taimaka da tambaya mai zaɓi biyu: "Da tauri ko da laushi? Da santsi ko da kaushi?" In ya ce "laushi", ki mayar masa da jimla cikakkiya, "To, abu ne mai laushi, yana lotsewa in an matsa," ba tare da kin ce ya maimaita ba. Daga nan kacici-kacici zai zo musu da sauƙi. "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" ta fi kamawa in tsintsiyar na jingine a bango suna iya hangowa.

Don shirin karatu, ki riƙa tafa gaɓoɓin sunaye: A-mi-na tafi uku, Mu-sa tafi biyu. Masu tafi biyu su tsaya dama, masu uku hagu, kin ga ƙirga ta sake shigowa. Sannan wasan kunne: in kin ce "baki" su taɓa baki, in kin ce "baƙi" su nuna baƙin allo. Yaron da kunnensa ya raba waɗannan sautuka ba zai sha wahalar k da ƙ ba idan aka zo rubutu. Wanda kuma kullum sai ya kalli na kusa kafin ya motsa, ko ba ya juyowa in an kira shi daga baya, ki gaya wa iyayensa a duba masa kunne a asibiti.

Mataki na biyar: ranar kasuwa

A mako na huɗu za a ci kasuwa. Rabin aji ne za su shiga, yara 30. Sauran 30 su zauna gefe suna ƙera kayan sayarwa na gobe da laka ko takarda, ƙosai da tumatir da mangwaro. Bayan minti 15 a yi musanya.

Ki shimfiɗa buhu 5, su ne rumfuna. Kowace rumfa masu sayarwa 2, ɗaya na miƙa kaya, ɗaya na karɓar kuɗi yana jefawa a gwangwani. Ragowar yara 20 masu saye ne, kowa da murfi 5, wato murfi 100 ke nan. Murfi shi ne kuɗi, kowane ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa. Kada ki zana takardun naira 50 da 100, domin yaron da ke fama da huɗu ba zai gane yadda takarda ɗaya za ta zama hamsin ba. Farashin kuma a nuna shi da ɗigo a jikin kwali: ɗigo ɗaya gaban tumatir, biyu gaban mangwaro, uku gaban sabulu, da lambar a gefe.

Kafin a buɗe, ki yi ciniki ɗaya da wata yarinya kowa na kallo. Bayan an buɗe, ga yadda ciniki zai iya kasancewa, a ce Hauwa ce mai rumfa, Sani mai saye:

"Salamu alaikum, mai tumatir."

"Wa alaikumus salam, sannu da zuwa. Me za a ba ka?"

"Tumatir nawa-nawa?"

"Ɗaya-ɗaya."

"Ba ni uku."

Hauwa ta ƙirgo uku tana faɗa, ta tura gabansa. Sani ya ƙirga murfi uku a tafin abokiyar Hauwa, ita kuma ta jefa a gwangwani ɗaya-ɗaya. An ƙirga uku sau uku ke nan a ciniki guda, ba wanda ya ji an sa shi aiki.

Yanzu Sani na da murfi 2. Ya wuce rumfar sabulu, aka ce masa uku. A nan ake karatun, don haka kada ki yi saurin ba shi amsa. Ki durƙusa ki ce, "Sani, nawa ne a hannunka?" Ya ce biyu. "Sabulu nawa?" Uku. "Ɗora kuɗinka a kan ɗigon mu gani." Ya ɗora murfi a kan ɗigo biyu, ɗigo ɗaya ya rage a fili. "Saura nawa?" Da idonsa zai ga saura ɗaya. Daga nan zaɓi nasa ne: ya koma ya sayi mangwaro da biyun, ko ya nemi ragi. In ya ce "A rage mini," mai sabulu na da ikon cewa "Albarka" ko "Na sallama." Za ki yi mamakin yadda suka iya waɗannan kalmomi, sun sha ji a bakin masu talla a ƙofar gida.

Ke kuma aikinki yawo ne tsakanin rumfuna da 'yar takarda. Kowace ranar kasuwa ki zaɓi yara 6 kawai ki sa musu ido: ya ƙirga kuɗin ko zubewa ya yi, ya yi magana ko nuni ya yi da yatsa, ya jira ko kutse ya yi. In an tashi kasuwa, masu rumfa su juye gwangwani su jera cinikinsu biyar-biyar, a ga rumfar da ta fi ciniki ta hanyar kwatanta tsawon layukan.

Rigima, da abin da ake koya a cikinta

Ranar farko za a yi rikici, ki sa wannan a ranki. Kowa zai so zama mai sayarwa. Kada ki zaɓa da son rai, ki rubuta juyi a bango da alamar gidajen, yau gidan Zaki, gobe gidan Giwa, yadda yaro zai je ya duba da kansa ya ga ranarsa na tafe. Jira ya fi sauƙi ga wanda ya san yaushe nasa zai zo. Don cunkoso kuma, ki zana sawun ƙafa 4 a gaban kowace rumfa. In duk an taka, sai a nufi wata rumfar.

Ƙwace shi ne na biyu. A ce Bello ya fizge mangwaro daga hannun Zainab, ta fashe da kuka. Abin da aka saba shi ne a daka wa Bello tsawa, a ce ya ce "yi haƙuri", a wuce. Ba abin da ya koya sai cewa ya yi a ɓoye nan gaba. Ki karɓi mangwaron ki riƙe, ki durƙusa daidai tsayinsu. Ki ce, "Zainab, gaya masa abin da ya faru." In ta kasa, ki ba ta kalmomin: "Ni na fara ɗauka, ban ji daɗi ba." Sannan, "Bello, me kake so?" Ya ce mangwaro. "Mangwaro ɗaya ne, ku biyu ne. Yaya za a yi?" Ki yi shiru ki jira. Sukan kawo mafita da kansu, wani ya ce a je wurin masu laka a ƙero wani, wani ya ce ta saya ta sayar masa. Minti 2 zai ci, kuma za ki maimaita shi sau da yawa kafin ki fara jin suna yi ba tare da ke ba.

Akwai kuma yarinyar da ba ta rigima da kowa, tana tsaye riƙe da murafenta 5 har a tashi. Ita ce aka fi mantawa saboda ba ta damun kowa. Kada ki tura ta gaban jama'a. Ki sa ta mai karɓar kuɗi kusa da ƙawa mai sanyin hali, aikin da ba ya bukatar magana da yawa. Bayan 'yan kwanaki ki ce ita za ta riƙa cewa "An gode." Daga kalma biyu ake farawa. Ki kuma lura kada kasuwar ta rabu, maza su mamaye rumfuna mata su koma 'yan kallo, ko a ce sayar da ƙosai na mata ne. Juyin bango zai hana wannan in kin bi shi sosai.

Idan kasuwa ta koma guje-guje da jifa da murafe, yawanci ɗayan biyu ne: ko lokacin ya wuce minti 15, ko wasan ya yi musu sauƙi. In na biyun ne, ki ɗaga farashi, ki ba da murfi 8 ko 10, ko ki riƙa aika: "Je ka sayo mini tumatir biyu da sabulu ɗaya." Riƙe saƙo biyu a ka har a isa rumfa aiki ne babba ga ɗan shekara 5. In kuma kin ga masu sayarwa na miƙa kaya ba sa karɓar kuɗi, ki koma farashin ɗaya-ɗaya na mako guda.

Idan iyaye suka zo da ƙorafi

Za su zo, musamman a makarantar kuɗi. Uwa za ta ce littafin ɗanta fari fat, ɗan maƙwabta kuwa yana rubuta 1 zuwa 100. Doguwar hujja ba za ta gamsar da ita ba. Ki ce, "Maman Sani, bismillah zauna ki gani." Ki zube murafe, ki ce wa Sani ya ba mamansa bakwai. Sannan ki ɗauke biyu ki tambaye shi saura nawa. Ki nuna mata rajista, inda aka rubuta 3 a gaban sunansa a farkon zango, yau ga inda ya kai. Ki roƙe ta ta riƙa sa shi ɗauko cokula daidai yawan masu cin abinci, ko ya ƙirga mata albasa in ta dawo cefane.

Gwajin "ba ni" ki sake shi duk bayan mako 6, lambar sabuwa a gefen tsohuwa. Yaron da lambarsa ba ta motsa ba sau biyu a jere, ki ware masa minti 5 kullum tare da wasu 2 ko 3 irinsa, ku koma kan gwangwani da murfi 3.